Idan Facebook Ya Nemi Katin Shaida ko Bidiyon Fuska: Dalilan da Suke Sa a Ƙi Karɓa

Wannan bayani ya fito daga sashen kariya ne, domin tambaya ɗaya da take yawan zuwa gaban tebur: mutum ya buɗe Facebook, allo ya rubuta masa "Confirm your identity", ko "Confirmez votre identité" idan wayar tana Faransanci, ya tura hoton katinsa, ko ya yi bidiyon fuskarsa, aka ce ba a karɓa ba. Ga da yawa daga cikinmu wannan asusu shi ne zaren da ya rage tsakaninmu da 'yan'uwan da suka watse, wasu a Maiduguri, wasu a Yola, wasu ba mu ma san garin da suke ba sai dai sunansu a Messenger. Ofishin kariya ba shi da ikon buɗe asusun kowa, kuma Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ba ta da wata ƙofar baya a kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram. Abin da za mu iya shi ne mu bayyana yadda binciken yake tafiya, domin mutum ya gane inda nasa ya tsaya.

Tun farko ya kamata a san cewa neman shaida ba ya nufin ka yi laifi. Kamfanin yana lura da wayar da aka saba shiga da ita, da ƙasar da ake shiga daga cikinta. Wanda ya buɗe asusu da layin Najeriya, sannan ya bayyana a Kamaru da sabuwar waya da sabon layi, ya kuma yi kuskuren lambar sirri sau da yawa, a idon na'ura kamarsa ɗaya da ɓarawon da ya sace asusun. Haka nan wayar da mutum takwas ko goma suke shiga asusunsu daban-daban da ita, irin ta masu cajin waya, tana kama da wayar mai ƙirƙirar asusun bogi. Yadda muke rayuwa a nan shi ne yake tayar da ƙararrawar.

Abin da ake dubawa a jikin katin

Idan ka tura hoton kati, yawanci na'ura ce take fara gani kafin wani ma'aikaci, in ma ya kai ga ma'aikacin. Tana neman gefunan katin guda huɗu domin ta tabbatar kati ne cikakke. Sai ta karanta rubutun harafi bayan harafi, ta ciro suna da ranar haihuwa. Sai ta duba ko katin na ainihi ne aka ɗauka, ko hoton fotokwafi ne, ko hoton allon wata wayar. Daga ƙarshe a gwada abin da aka ciro da abin da yake rubuce a asusun.

Matakai ukun farko suna faɗuwa ne saboda hoto. Katinmu yana da leda mai sheƙi, kuma idan aka ɗauke shi da dare da hasken filasha, farin haske yakan sauka daidai kan suna ko kan fuska ya share su. Idan aka riƙe shi a hannu, yatsa yakan rufe kusurwa ɗaya, hannun kuma yana rawa. Idan aka ɗora shi a kan tabarma mai zane ko zanin atamfa, na'urar takan kasa raba gefen katin da zanen da yake ƙarƙashinsa. Akwai kuma abin da mutane ba sa zato: sai a ɗauki hoton da wayar wani mai kyau, a turo wa mai asusun ta WhatsApp, shi kuma ya ɗora. WhatsApp yana matse hoto domin ya rage nauyinsa, kuma ƙananan haruffa su ne suke fara dusashewa. Ido yana iya karanta su, na'ura kuwa sai ta ga 3 a matsayin 8.

Lamba ɗaya tak tana iya rushe komai, kuma fasfo ya fi nuna yadda hakan yake faruwa. A ƙasan shafin hoto na fasfo akwai layi biyu na haruffa da lambobi da alamar `<`, kowane layi da gurbi 44. Bayan ranar haihuwa akwai wata lamba guda ta tantancewa. Ana samun ta ne idan aka ninka lambobin ranar da 7, 3, 1, 7, 3, 1 bi da bi, aka tara, aka ɗauki lambar ƙarshe. Wanda aka haifa ranar 1 ga Janairu 1990 ana rubuta masa `900101`. Tara sau 7 ya ba da 63, ɗayan da yake gurbi na huɗu sau 7 ya ba da 7, ɗayan ƙarshe ya ba da 1, jimla 71, don haka lambar tantancewa 1 ce. Idan ƙarce ko haske ya sa na'ura ta karanta 9 ɗin a matsayin 8, jimlar za ta koma 64, lambar ƙarshe 4, ba ta yi daidai da 1 da aka buga ba. Nan take sai ta ce takardar ba ta karantu ba, ko tana da shakka. Kaɗan ne daga cikinmu suke da fasfo, amma darasin ya shafi kowane kati: na'ura ba ta yin "ai an gane".

Gyaran wannan ɓangare ba ya cin ko sisi. A fitar da katin daga cikin jakar ledarsa, a goge shi, a goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura take kwanciya a kan komai. A shimfiɗa katin a kan abu mai duhu marar zane, kamar baƙin hijabi ko bayan littafi. A yi shi da rana a inuwa, a kashe filasha, a riƙe wayar daidai saman katin ba a karkace ba, a bar ɗan fili a kowane gefe. A yi amfani da kyamarar baya, domin ta fi ta gaba ƙarfi a kusan kowace waya. Kafin a tura, a buɗe hoton a ja shi da yatsu biyu ya girma. In kai da kanka sai ka matse ido kafin ka karanta ranar haihuwar, a sake ɗauka.

Shin ana karɓar katin ɗan gudun hijira kuwa? A shafin taimako na Facebook an lissafa shi cikin takardun shaida da ba na gwamnati ba waɗanda ake iya turawa, tare da katin ɗalibi da takardar shaidar aiki. Saboda yana wannan rukuni, yana da kyau mutum ya ajiye takarda ta biyu a kusa mai ɗauke da suna iri ɗaya, ko da za a nema. Wanda yake da katin zaɓe na Najeriya, ko katin ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa, waɗannan na gwamnati ne, kuma sun fi saurin wucewa. Kamfanin ya yarda a rufe bayanan da ba a buƙata, amma da abu na zahiri, kamar ɗan guntun takarda a kan lambar rajistar gida, kafin a ɗauki hoton. Idan aka shafe da manhajar gyaran hoto, za a ɗauka an yi wa katin coge. A bar suna da hoto da ranar haihuwa a buɗe.

Sunan da bai haɗu ba

Mataki na huɗu shi ne mai wuya, kuma a nan ne mafi yawan mutanenmu suke maƙalewa ko da hoton ya fito tsaf. Mutum ɗaya yana iya zama Usman a takardar makarantarsa ta Borno, ya zama Ousmane a takardar da aka cika a Kamaru. Muhammadu yakan koma Mohamadou ko Mahamat, Abubakar ya koma Aboubakar ko Boukar, A'isha ta koma Aissatou ko Aissa. A takardun Faransanci sunan uba yakan zo a gaba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan ɓace ko su canza. Duk wanda ya yi aikin tafinta ya san waɗannan sunaye ɗaya ne, amma na'ura tana ƙirga haruffan da suka bambanta ne, kuma ma'aikacin da zai duba daga wata ƙasa mai nisa ba lallai ya san Bukar shi ne Abubakar ba.

Sai ranar haihuwa. Wanda bai san ranarsa ba lokacin rajista, akan rubuta masa 1 ga Janairu na shekarar da aka ƙiyasta. Wannan ba kuskure ba ne, tsari ne da aka saba da shi a rajistar 'yan gudun hijira. Matsalar ita ce asusun Facebook ɗin sau da yawa wani yaro ne ya buɗe shi, ya zaɓi duk ranar da yatsansa ya tsaya a kai.

Mu ɗauki misali, sunayen na kwatance ne kawai. Wata mata katinta ya ce BOUKAR AISSA, an haife ta 01/01/1990. Ɗan yayarta ne ya buɗe mata asusu tun suna gida, da layin Najeriya wanda ya daɗe da mutuwa. Ya sa mata suna Maman Hanifa, ranar haihuwa 5 ga Mayu 1998, hoton asusun kuma fure ne. Wayarta ta lalace, ta sayi wata, ta sa layin Kamaru, ta gwada shiga, aka nemi shaida.

Karo na farko ta tura hoton fotokwafin katin da aka ɗauka da tocila cikin ɗaki. Kafin ta ajiye wayar an riga an ƙi. Irin wannan saurin yakan nuna hoton ne bai wuce ba, ba a ma kai ga duba sunan ba. Karo na biyu ta bi duk ƙa'idar da muka faɗa, hoton ya shiga, allo ya ce ana dubawa, bayan kwana ɗaya ko biyu amsa ta zo cewa ba a iya tabbatar da asusun nata ne ba. Wannan jinkiri alama ce cewa an karanta katin sarai, abin da yake ciki ne bai haɗu da asusun ba. To a nan sake ɗaukar hoto sau goma ba zai ƙara komai ba. Mu duba da idon mai binciken: suna Aissa Boukar a hannu ɗaya, Maman Hanifa a ɗayan. Shekara 1990 a nan, 1998 a can. Fuskar mace a kati, fure a asusu. Katin ya tabbatar da cewa akwai mace mai suna Aissa, amma bai ce komai a kan wadda ta mallaki asusun Maman Hanifa ba. Da ɓarauniya ce ta turo nata katin, abin da mai binciken zai gani ke nan, kuma dole ya ba su amsa ɗaya.

Da abu ɗaya ya haɗu, da akwai abin kamawa. Da ranar haihuwar ta yi daidai, ko da akwai hotunanta a asusun, bambancin Aissa da A'isha ba zai zama babban shinge ba. Tunda babu, abin da ya rage mata shi ne hanyoyin da ba su bi ta kati ba. Tsohuwar wayar, in ana iya gyara ta ko na rabin awa ne, domin kamfanin ya san ta. Adireshin imel, in ɗan yayar ya haɗa shi da asusun kuma yana tuna lambar sirrinsa. Ko ta nemi asusun ta `facebook.com/login/identify` daga wata wayar da ta taɓa shiga da ita. In duk waɗannan sun toshe, gaskiyar magana asusun ya tafi, kuma gara ta buɗe sabo da bayanan da suka yi daidai da katinta, ta nemo 'yan'uwanta ta jerin abokan wanda suka sani tare. In asusun shi kaɗai ne hanyarta zuwa ga ɗa ko miji ko uwa da suka rabu, ta zo sashen kariya a haɗa ta da masu aikin sada iyali na Kungiyar Agaji ta Red Cross, wannan aikin kyauta ne.

Wani abu da muke roƙo a daina: zuwa ofishin rajista a nemi a canza suna ko shekara a kati domin ya yi daidai da Facebook. Rajistarka tana ɗaure da zanen yatsunka da ƙwayar idonka da aka ɗauka, kuma da ita ake rabon abinci, ake shigar da yara makaranta, ake cika takardun komawa gida. In akwai kuskure na gaske a katin, ana gyara shi da hujja, kamar takardar haihuwa. Asusu ake gyarawa ya bi kati. Kuma a sani cewa waɗannan bayanai na yatsu da ido suna rumbun hukumar ne, Facebook ba ya ganin su, don haka ba zai iya tambayar hukumar ko ta san ka ba.

Bidiyon fuska

Wani lokaci maimakon kati sai allo ya nuna da'ira, ya ce ka sa fuskarka a ciki, ka juya kai inda kibiya ta nuna, dama, hagu, ko sama. Abu biyu ake nema a nan, kuma ba kullum ake neman su tare ba.

Na farko shi ne a tabbatar mutum ne mai rai a gaban wayar. Hoton da aka buga a takarda shimfiɗaɗɗe ne, in aka karkata shi, komai yana karkata tare. Kan mutum kuwa yana da tudu da kwari, idan ya juya, hanci yakan rufe wani sashe na kunci, kunne ɗaya ya ɓuya, ɗayan ya fito. Wannan canji na'urar take bi. Shi ya sa wanda ya tsayar da kansa yana juya wayar yake faɗuwa, haka wanda ya juya ido kaɗai, da wanda ya fizge kai da sauri har hoton ya dusashe. Ana son a riƙe wayar daidai tsayin ido, nisan kamu ɗaya ko biyu, a tsayar da ita, in da hali a jingina gwiwar hannu a kan wani abu, a juya kai a hankali kamar mai sallame salla.

Na biyu shi ne a gwada fuskar bidiyon da hotunan da suke asusun. A watan Oktoba na 2024 ne Meta ya sanar da fara gwajin wannan hanya domin mayar wa mutane asusun da aka ƙwace musu, inda ake gwada bidiyon da hoton da mutum ya sa a matsayin hoton asusunsa. Na'urar tana mayar da kowace fuska jerin lambobi, ta auna kusancin jerin biyu, ta fitar da maki. Kamfanin ya ja layi, wanda makinsa ya haura layin ya wuce, wanda ya gaza ya tsaya. Ana ɗaga layin ne domin kada ɓarawo mai kama da kai ya wuce, kuma duk lokacin da aka ɗaga shi, masu gaskiyar da hotonsu bai fito da kyau ba su ma suna faɗuwa. Wanda hoton asusunsa masallaci ne, ko jaririnsa, ko ɗan ƙwallo, babu abin da za a gwada bidiyonsa da shi. Wanda kuma hotonsa na shekara goma da suka wuce ne, kafin ya ajiye gemu ko kafin wahalar hanya ta rame shi, makinsa yakan sauka.

Akwai kuma batun launin fata, wanda ba zargi ba ne kawai. A watan Disamba na 2019 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta gwada manhajojin gane fuska 189 daga kamfanoni 99. Ta gano cewa da yawansu sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da na wasu mutane, kuma idan hoton ba shi da inganci, sun fi kasa gane wanda aka haifa a Afirka ko da shi ne da kansa, musamman tsofaffi. Ba mu da ikon gyara manhajar, amma ingancin hoton yana hannunmu, kuma haske ne kusan dukansa.

Kyamarar waya tana auna hasken duk abin da take gani ta daidaita kanta a kai. Idan ka tsaya cikin ɗaki, ƙofa a buɗe a bayanka, ko farin tanti da rana take dukansa, kyamarar za ta rage haske domin bayan ya fito, fuskarka ta zama inuwa, ido da hanci su haɗe. Mai duhun fata shi ya fi cutuwa da wannan. Juyawa kawai za ka yi: ka fuskanci ƙofar, bango ya koma bayanka. A waje kuma, rana tsaka tana jefa inuwa cikin ramin ido, ƙarƙashin bishiyar darbejiya kuma hasken da yake ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Inuwar bango da safe ko bayan la'asar, kana kallon fili, ita ta fi. Tocila daga ƙasan haɓa da dare ita ce mafi muni.

Mata ba sa buƙatar cire hijabi, muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa, kuma mayafin bai zamo ya rufe kunci ba lokacin juyawa. Niƙabi dai dole a ɗaga shi, don haka a nemi wuri a keɓe, mace ta taimaki 'yar'uwarta. A cire tabarau mai duhu da hular da take rufe goshi. Fuska ɗaya ake so a cikin hoton. Goyon da yake leƙowa ta kafaɗa, ko yaran da suka taru a baya suna kallo, sun isa su ɓata bidiyon. Dattijon da ba ya ganin kibiyar, ko wanda bai saba da waya ba, mai taimaka masa ya tsaya a bayan wayar yana riƙe da ita, yana faɗa masa "Baba, juya dama, a hankali", kada ya shigo cikin hoton, kada kuma ya kama kan dattijon da hannu yana juya shi.

Sau da yawa kuma bidiyon lafiyarsa ƙalau, bai isa ba ne. Bidiyo ya fi hoto nauyi, kuma in sabis ya yanke a tsakiya, allo yakan nuna an samu matsala ba tare da ya ce ta sabis ba ce. Alamar ita ce da'irar ta cika, sannan wayar ta daɗe tana juyi. A tabbatar akwai data da caji, a je inda sabis yake da ƙarfi. In kuma da'irar baƙa ce tun farko, ba a ba manhajar izinin kyamara ba ne, a shiga saitin waya a ba ta. Kada a yi ta maimaitawa a jere, domin yawan gwaji yakan sa a dakatar da mutum na wani lokaci. A gano dalilin, a gyara abu ɗaya, sannan a sake. Wanda aka rubuta masa cewa an dakatar da asusunsa, ya duba adadin kwanakin ɗaukaka ƙara da allon ya nuna, yawanci 180, domin in suka ƙare asusun yana rufewa gaba ɗaya.

Manhajojin kuɗi suna yin irin wannan bincike, sai dai nasu ya fi tsauri domin doka ce ta ɗora musu. Suna ba ka jerin takardu ka zaɓa, kuma na'urar tana da samfurin kowace takarda, ta san inda hoto da suna suke zama. In katin ɗan gudun hijira ba ya cikin jerin, zaɓen "National ID" a nuna masa katinmu ba zai yi ba komai kyan hoton. Na Najeriya kuma sukan nemi lambar NIN ko BVN, kowace mai lamba 11, su gwada fuskarka da hoton da aka ɗauka ranar da ka yi rajistar lambar.

Wanda kake miƙa wa katin

Neman shaida na gaske yana fitowa ne a cikin manhajar kanta, ko a adireshin `facebook.com`, lokacin da kake ƙoƙarin shiga. Duk saƙon da ya zo ta Messenger ko WhatsApp yana cewa shi ma'aikacin kamfani ne, ka turo katinka cikin awa 24 ko a rufe ka, na 'yan damfara ne. Haka wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya buɗe maka, ko ka karanto masa lambobin da aka turo wayarka. WhatsApp shi ma lambobi shida yake turowa layinka idan za ka shiga, kuma duk wanda ka karanta wa su ya karɓe asusun.

Mafi haɗari shi ne wanda zai zo da wayarsa ya ce ana rajistar tallafi, ka kawo kati, ka kalli nan, ka juya kai. Hoton kati tare da bidiyon fuska mai motsi su ne daidai abin da ake buƙata a buɗe asusun kuɗi ko a ci bashi da sunan mutum. Kafin ka juya kanka a gaban wayar wani, ka karanta sunan manhajar da take buɗe, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka. Rajistar hukuma ana sanar da ita ta shugabannin unguwanni da allon sanarwa, ma'aikata suna ɗauke da shaidar aiki, kuma ba a biyan ko dala. In an yi amfani da wayar aro wajen ɗaukar katin, a goge hoton, a shiga kwandon shara na wayar a sake goge shi, a kuma fita daga asusun. Yin amfani da katin wani, ko ba da naka aro, yana jefa mutum biyu cikin matsala.

Ga waɗanda asusunsu yake buɗe yanzu, aikin minti goma ne: a daidaita ranar haihuwa da ta kati, a ƙara layin da ake amfani da shi a yau, a cire mataccen layi, a haɗa imel. Suna ma ana iya gyara shi, amma a rubuta da kyau tun farko, domin sai bayan kwana 60 ake iya sake canzawa.

A nan akwai abin da ya kamata a auna. Sunan gaskiya da hoton fuska su ne suke sauƙaƙa dawo da asusu, amma a Facebook suna da hoton asusu kowa yana iya ganin su, har wanda ka gudo dominsa. Ga wanda yake da dalilin tsoron a gano inda yake, shawararmu ita ce kada ya sa fuskarsa saboda wannan bayani, kuma kada ya rubuta sunan sansani. Ranar haihuwa da lambar waya da imel ana iya mayar da su "Only me", wato kai kaɗai kake gani, amma kamfanin yana iya gwada su da kati ranar da buƙata ta taso. Waɗannan ukun a gyara su, a rubuta lambar sirri a ajiye inda ake ajiye katin. Wanda yake cikin irin wannan hali, ko wanda yake zargin an yi amfani da katinsa ko bidiyonsa ba da saninsa ba, ya zo ofishin kariya a ranakun sauraron jama'a da katin a hannunsa, za a saurare shi a keɓe, kuma mace tana iya neman mace ta yi mata tafinta.